Yadda ake lissafin harajin albashi hawa-hawa: ƙarin albashi ba ya jawo sabon kaso a kan duk kuɗinka

A ofisoshi da masana'antun Kano, daga Bompai zuwa Sharaɗa da Challawa, akwai maganar da ake yawan ji duk lokacin da aka yi wa ma'aikaci ƙarin girma: "Ka yi hattara, an tura ka matakin haraji na gaba, yanzu duk albashinka za a yanka da kashi 18." Wasu har suna ja da baya ga aikin ƙarin lokaci saboda wannan tsoro, wai kada abin da za a cire ya fi abin da aka ƙara. Maganar ba haka take ba, kuma tana sa mutane asarar kuɗin da haƙƙinsu ne. Sabon kaso yana hawa ne kan abin da ya tsallake iyakar mataki kawai. Abin da ke ƙasa da iyakar yana nan a kan kasonsa na da, ko sisi ba a ƙara masa.

A ganina, abin da ke sa kuskuren nan saurin shiga kanmu shi ne mun saba da lissafin zakkar kuɗi. A zakka, idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari ne daga dukiyar gaba ɗaya, ba daga abin da ya ɗora a kan nisabi kaɗai ba. Mutum ya tashi da wannan fahimta, to da ya ji an ce haraji ma yana da iyaka, sai ya ɗauka da ka taka ta an kama duk kuɗinka. Harajin albashi ba a gina shi haka ba. Ana yanka kuɗin shekara ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da kasonta.

Matakan da ake aiki da su yanzu

Sabuwar dokar haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Ta raba kuɗin shigar mutum na shekara zuwa matakai shida:

| Gunduwar kuɗin shekara | Kaso cikin ɗari |
|---|---|
| Naira 800,000 na farko | 0 |
| Naira 2,200,000 na gaba, har zuwa miliyan 3 | 15 |
| Naira miliyan 9 na gaba, har zuwa miliyan 12 | 18 |
| Naira miliyan 13 na gaba, har zuwa miliyan 25 | 21 |
| Naira miliyan 25 na gaba, har zuwa miliyan 50 | 23 |
| Duk abin da ya haura miliyan 50 | 25 |

Kowa yana bi ta matakan nan ne daga ƙasa. Manajan da ke karɓar miliyan talatin a shekara, naira 800,000 ɗinsa na farko ba a cire masa komai, daidai da masinjan ofishinsa. Naira 2,200,000 da ke biye ana cire masa kashi 15, daidai da akawunsa. Bambancinsu kawai shi ne kuɗin manajan yana ci gaba da hawa zuwa matakan da na sauran bai kai ba.

Dokar ta tarayya ce, amma kuɗin da aka cire wa mazaunin Kano yana tafiya ne hukumar tattara haraji ta jihar Kano, wato KIRS. Wurin aikinka ne ke cirewa duk wata ya aika, shi ne layin da kake gani an rubuta PAYE a takardar albashi.

Za mu bi misali guda har ƙarshe. Mu ɗauki mai kula da sito a wata masana'anta a Sharaɗa, yana haya a Gaida, albashinsa naira 250,000 a wata, kuma an yi masa ƙari zuwa naira 300,000. Ka ɗauko takardar albashinka da kalkuletar wayarka, ka riƙa sa naka alƙaluman a gurbin nasa.

Mataki na ɗaya: mayar da albashi na shekara

Matakan haraji na shekara ne, ba na wata ba, don haka ba za ka iya gwada albashin wata ɗaya da jadawalin ba. Ka haɗa duk abin da ake biyanka kafin a cire komai, wato gundarin albashi da kuɗin gida da na mota da sauran alawus, ka ninka sau 12. Kada ka yi amfani da abin da ke shigowa asusunka, domin wannan an riga an yi masa yanka. Mutuminmu kafin ƙari yana da naira miliyan 3 cif a shekara.

Mataki na biyu: cire abin da doka ta yafe

Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, alhali shi ne ke nuna ainihin matakin da kake. Ba a ɗora haraji a kan duk albashi, sai an fara fitar da wasu abubuwa.

Na farko kuɗin fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na gundarin albashi da kuɗin gida da na mota, wurin aiki kuma ya ɗora nasa kashi 10. Don lissafi ya zo da sauƙi, mu ƙaddara albashin mutuminmu duka waɗannan ukun ne, sai fanshonsa ya kama naira 240,000 a shekara. Kai ba sai ka lissafa naka ba, yana nan a rubuce a takardar albashi, ninka shi sau 12 kawai.

Na biyu rangwamen kuɗin haya, wanda sabon abu ne da dokar ta zo da shi. Ana fitar maka da kashi 20 cikin ɗari na hayar da ka biya a shekara, amma ba ya wuce naira 500,000 komai tsadar gidan. Mutuminmu yana biyan naira 500,000 a shekara, rangwamensa naira 100,000 ke nan. A lura, ba naira 100,000 za a ba shi a hannu ba, za a rage su ne daga kuɗin da za a ɗora wa haraji. Kuma rangwamen nan ba ya zuwa da kansa. Sai ka bayyana hayar da kake biya, ka kai shaida kamar rasit ko takardar yarjejeniya. A Kano da yawanmu muna biyan haya hannu da hannu, tsakaninmu da mai gida ko dillali sai amana, to daga yanzu ka riƙa karɓar rasit. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado ba ya samun wannan rangwame.

Idan ana cire maka kuɗin asusun gidaje na ƙasa, NHF, ko na inshorar lafiya ta ƙasa, ko kana biyan inshorar rai, su ma ana fitar da su a nan. Mutuminmu ba shi da ko ɗaya. Saboda haka daga miliyan 3 a cire 240,000 a cire 100,000, saura naira 2,660,000. Wannan ne kuɗin da haraji zai hau kansa, kuma da shi kaɗai ake shiga jadawali.

Mataki na uku: bi ta matakan ɗaya bayan ɗaya

Ka fara daga ƙasa. Naira 800,000 na farko ba haraji, ka ware su gefe. Saura naira 1,860,000. Mataki na biyu yana ɗaukar har naira 2,200,000, don haka duk sauran sun shige cikinsa. Kashi 15 cikin ɗari na 1,860,000 shi ne naira 279,000. Wannan ne harajinsa na shekara. Raba shi gida 12, ka samu naira 23,250 a wata.

Abin da ke shiga asusunsa kafin ƙari ke nan: daga 250,000 a cire fansho 20,000, a cire haraji 23,250, saura naira 206,750.

Mataki na huɗu: maimaita da sabon albashi

Naira 300,000 sau 12 sun zama 3,600,000. Fansho ya tashi zuwa 288,000, tunda kaso ne na albashi. Haya ba ta canja ba, rangwamenta yana nan a 100,000. Kuɗin da haraji zai hau kansa ya zama naira 3,212,000.

To, ga abin da ake tsoro ya faru: ya haura miliyan 3, ya shiga matakin kashi 18. Sai mu bi a hankali. Naira 800,000 na farko, babu komai, kamar da. Naira 2,200,000 na gaba, kashi 15, sun ba da 330,000. Zuwa nan mun gama da miliyan 3. Abin da ya rage a sama naira 212,000 ne kacal, kuma su kaɗai ne za a cire wa kashi 18, wato naira 38,160. Jimilla naira 368,160 a shekara, ko 30,680 a wata.

Sabon abin da zai shiga asusunsa: daga 300,000 a cire fansho 24,000, a cire haraji 30,680, saura naira 245,320. Ƙarin naira 50,000 da aka yi masa ya rabu uku. Haraji ya ɗauki 7,430. Fansho ya ɗauki 4,000, waɗanda nasa ne, suna taruwa a asusunsa na fansho. Naira 38,570 kuma suna shigowa hannunsa duk wata.

Idan kana son ka ga nauyin tsallake iyakar shi kaɗai, ga yadda ake gano shi. Da a ce matakin kashi 15 bai ƙare a miliyan 3 ba, da waɗancan naira 212,000 ma kashi 15 za a cire musu. Bambancin 15 da 18 kashi 3 ne, kuma kashi 3 na 212,000 shi ne naira 6,360 a shekara, wato naira 530 a wata. Iyakar abin da shiga sabon mataki ya jawo masa ke nan.

Inda lissafin kuskure ke kai mutum

Mai lissafin kuskure yana ɗaukar kaso ɗaya ya buga a kan kuɗin gaba ɗaya. Illarsa ta fi fitowa fili a bakin iyaka, don haka mu ɗauki wanda kuɗinsa mai haraji naira 2,990,000 ne, sai ya samu ƙarin 20,000 a shekara ya koma 3,010,000. Zai ce da can kashi 15 na 2,990,000 yake biya, wato 448,500, yanzu kuma kashi 18 na 3,010,000, wato 541,800. A lissafinsa, ƙarin naira 20,000 ya jawo masa harajin naira 93,300. Wanda ya yarda da wannan dole ya gudu daga ƙarin, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Amma alƙaluman nan biyu duk ba daidai ba ne, domin ba a taɓa buga kaso ɗaya a kan duka. Gaskiyar lissafi ita ce, daga cikin sabbin naira 20,000, dubu goma na farko sun ƙarasa cika matakin kashi 15, harajinsu 1,500. Dubu goma na biyu sun faɗa matakin kashi 18, harajinsu 1,800. An cire 3,300, ya tsira da 16,700.

Wannan yana nan a kowace iyaka ta jadawalin. Mafi girman kaso shi ne 25, saboda haka ko wanda ya haura miliyan 50, a kowace sabuwar naira ɗari yana tsira da saba'in da biyar.

Kaso biyu da ya kamata ka riƙe

Akwai kason matakin da kake, akwai kuma kason da kake biya a zahiri, kuma ba abu ɗaya ba ne. Mutuminmu yana matakin kashi 18, amma idan ka raba harajinsa na 368,160 da albashinsa na 3,600,000, za ka ga kashi 10 da ɗan ɗoriya yake biya. Kafin ƙari kashi 9 da ɗan wani abu ne.

Kowanne da amfaninsa. Kason zahiri shi ne na tsara cefane da kuɗin makaranta, domin shi ke nuna nauyin haraji a kan duk abin da kake samu. Kason mataki kuma shi ne na yanke shawara a kan sabon kuɗi. Idan aka ce wa mutuminmu ya zo aikin Lahadi a biya shi naira 10,000, ba sai ya sake dogon lissafi ba: haraji zai ɗauki 1,800, shi ya tashi da 8,200. Daga nan sai ya auna da kansa ko hutunsa da zaman iyali sun fi wannan daraja. Wannan shawara ce mai kyau a yi ta da ido buɗe, ba a ƙi aikin don tsoron abin da babu shi ba.

Ga hanyar gajarta lissafi ga masu manyan albashi. Duk wanda ya cika miliyan 3, harajin wannan ɓangare naira 330,000 ne, ba ya canjawa. Wanda ya cika miliyan 12, harajinsu naira 1,950,000 ne. Saboda haka mai kuɗin haraji miliyan 14 zai ɗauki 1,950,000, ya ɗora kashi 21 na miliyan 2 da suka haura, wato 420,000, ya samu 2,370,000.

Masu ƙaramin albashi kuwa, doka ta yafe wa mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda yake naira 70,000 tun 2024. Jihar Kano ta sa nata a naira 71,000. Mai wannan albashi yana da 852,000 a shekara, kuma idan aka cire kashi 8 na fansho daga dukansu, saura 783,840, waɗanda ba su kai 800,000 ba. Babu abin da haraji zai hau kansa.

Idan an yi ƙari amma alat bai nuna ba

Wani zai ce, "Malam, duk na ji, amma ni an yi mini ƙari kuma abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba." Yana iya yiwuwa, sai dai dalilin ba ya cikin jadawali. Ka ajiye takardar albashin watan da ya wuce da ta wannan wata gefe da gefe, ka bi layi-layi. Sau da yawa za ka tarar wani layi ne daban ya kumbura: an fara cire bashin banki, ko adashin ofis ya ƙaru, ko kuɗin ƙungiya da ake cirewa bisa kaso ya bi albashi ya tashi. Waɗannan ba haraji ba ne.

Idan kuwa layin PAYE ne ya yi tsalle, ga gwaji mai sauƙi. Ka ɗauki ƙarin da aka yi maka, ka buga shi da kason matakin da ka shiga. Ƙarin harajin bai kamata ya wuce wannan ba. Ga mutuminmu, kashi 18 na 50,000 shi ne 9,000, kuma nasa ya tsaya a 7,430, ƙasa da haka, saboda wani ɓangare na ƙarin ya tafi fansho, wani kuma ya ƙarasa matakin kashi 15. Da a ce PAYE ɗinsa ya tashi da naira 25,000, to akwai abin tambaya.

Abin da ya fi jawo irin wannan tsalle shi ne ariyas ko garaɓasar ƙarshen shekara. Idan aka haɗa maka ariyas na wata uku a albashi ɗaya, mai lissafin albashi yana iya ninka kuɗin wannan wata sau 12, kamar haka za ka riƙa samu har shekara ta ƙare. Sai lissafin ya cilla ka matakin da ba ka kai ba, a cire fiye da ƙima a watan. Tunda harajin na shekara ne, abin da ya dace shi ne a haɗa ariyas ɗin cikin jimillar shekara sau ɗaya, a daidaita abin da aka cire a watannin da suka rage.

Ƙarin da aka yi a tsakiyar shekara ma yana da nasa. Mu ce na mutuminmu ya fara ne a Yuli. Wata shida a 250,000 da wata shida a 300,000 sun ba da 3,300,000. A cire fansho 264,000 da rangwamen haya 100,000, saura 2,936,000. Wato a wannan shekarar bai ma taɓa matakin kashi 18 ba, harajinsa 320,400 ne. Idan ofis ya cire 23,250 na wata shida da 30,680 na wata shida, an cire masa 323,580, an zarce da naira 3,180. Kuɗin ba su da yawa a nan, amma ga mai babban ƙari suna iya yin kauri, kuma haƙƙinsa ne a daidaita masa.

Sai kuma wanda ƙarinsa ya zo daidai da Janairun 2026. Tsohon tsari ma hawa-hawa ne, daga kashi 7 zuwa 24, amma yana da wani rangwame na bai-ɗaya da ake fitar wa kowa, naira 200,000 da kashi 20 na albashi ga yawancin ma'aikata. Sabuwar doka ta soke shi. Wanda ya gwada takardar Disambar 2025 da ta Janairun 2026 yana gwada dokoki biyu ne daban, ba zai iya ɗora bambancin a kan ƙarin albashi ba. Ya lissafa tsohon albashinsa da sabon jadawali tukuna, sannan ya gwada.

Haka nan mai hanyar samu biyu, kamar malamin da ke koyarwa da safe kuma yana da shago a Kantin Kwari. Doka tana kallon jimillar abin da mutum ya samu ne, don haka naira 800,000 marasa haraji sau ɗaya ake ba shi, ba a kowace hanya ba. Ribar shagon tana ɗorawa ne a kan albashi, ta faɗa matakin da albashin ya tsaya.

Idan ka yi lissafinka ka ga bai zo ɗaya da na ofis ba, ka rubuta shi a takarda ka je wurin akanta da tambaya takamaimai: "Yallaɓai, nawa ne kuɗina na shekara da kuka ɗora wa haraji, kuma an sa mini rangwamen haya?" Da ya faɗi adadin, ka bi da shi ta jadawali a gabansa. Idan adadinsa ya fi naka da daidai kashi 20 na hayarka, rasit ɗinka ne bai shiga fayil ba, sai ka kai. Idan adadin ɗaya ne amma harajin ya bambanta, to a wurin buga kason ne aka samu matsala, sai ka nemi a gyara a albashin wata mai zuwa. Ka riƙa adana takardun albashinka na Janairu zuwa Disamba wuri guda, domin da su za ka nuna jimillar PAYE da aka cire maka idan maganar ta kai ofishin KIRS.